Laifin kamfani ne ko na gida? Waya guda ce ke raba gardamar jinkirin intanet

Da zarar bidiyo ya tsaya yana juyi a fuskar waya, ko muryar ɗan uwa da ke kira daga Saudiyya ta fara yankewa, hukuncin da ake yankewa a yawancin gidaje ɗaya ne: kamfani ya ci kuɗi bai ba da sabis ba. Maigida ya kira layin ƙorafi, a ce masa ya kashe na'ura ya sake kunnawa. Ya kashe ya kunna, abu ya ɗan gyaru na rabin sa'a, ya koma gidan jiya. Wani ma sai ya fusata ya sauya kamfani, ya biya kuɗin sabuwar na'ura da na ɗaura waya, bayan mako guda ya tarar da jinkirin ya biyo shi, domin tun farko a cikin gidansa matsalar take.

Akwai kuma akasin haka. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi sabuwar rauta mai eriya huɗu, ya ƙara da na'urar faɗaɗa waifai, alhali layin da ke shigowa daga waje ne ya gaza. Duk waɗannan asarori biyu gwaji guda ne ke hana su, kuma bai fi minti ashirin ba: a jona kwamfuta da waya kai tsaye a jikin modem, a auna gudu a nan.

Dalilin da ya sa gwajin ke aiki a fili yake. Wanda ruwa ya daina zuwa banɗakinsa da ƙarfi, kafin ya tafi ofishin hukumar ruwa yakan fara buɗe famfon farko da ke bakin ƙofar gida. Idan ruwa na feshi a can, to bututun cikin gida ne ya toshe. Modem shi ne wannan famfo na farko. Duk abin da ke gabansa, wato wayar da ke kan fal-waya, ƙarfen sabis, da injinan kamfani, alhakin kamfani ne. Duk abin da ke bayansa, wato rauta, waifai, bangon ɗakuna da tarin wayoyin iyali, alhakin maigida ne. Awon da aka yi da wayar hannu daga uwar ɗaka ya haɗa ɓangarorin biyu ne wuri guda, don haka lambar da ya bayar ba ta iya nuna mai laifi.

Sai dai kafin a ɗauko waya, dole a gane wace na'ura ce modem ɗin, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. A gidan da aka ja wa layin fayiba, ƙaramin akwatin da siririyar wayar gilashi ke shiga cikinsa shi ne modem, ma'aikata na kiransa ONT. Wani lokaci akwai rauta daban a gefensa, waya ta haɗa su. A wannan yanayi ana zare wayar daga rauta ne a soka ta a kwamfuta. Amma a gidaje da shaguna da dama a Kano, Kaduna ko Maraɗi, akwati ɗaya ne ke yin komai: shi ke karɓo sabis, ko ta fayiba ko ta sim, shi ne kuma ke watsa waifai. A nan ba a iya raba modem da rauta da hannu. Abin da ake yi shi ne a soka waya a ramin da aka rubuta wa LAN a bayan akwatin, sannan a kashe waifai ɗinsa gaba ɗaya. Sakamakon kusan ɗaya ne, domin an toshe duk wata hanya ta cikin gida, an bar layin kamfani da kwamfuta guda.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ramin wayar intanet, ko kuma ɗan adafta da ake sokawa a ramin USB idan sabuwar ƙira ce marar ramin. Ana buƙatar gajeriyar waya mai lafiya, wadda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinta. Sai a kashe waifai na kwamfutar ita kanta, domin wasu kan jona waya su manta, kwamfuta ta ci gaba da bi ta iska ba su sani ba. A rufe duk manhajar da ke sauke kaya a ɓoye, a kashe VPN idan akwai. Daga nan a buɗe speedtest.net na kamfanin Ookla ko fast.com na Netflix, a auna sau uku a jere, a rubuta lambobin a takarda tare da lokacin da aka yi awon.

Lambobi uku ne ke fitowa: gudun saukewa, gudun turawa, da jinkirin amsa, wanda allo ke nunawa da sunan ping. Na farko da na biyu ana ba da su ne da Mbps, wato megabit a daƙiƙa, kuma da wannan ma'auni kamfanoni ke sayar da layi. Akwai wani tarko a nan da ya sha haddasa rigima tsakanin kwastoma da ma'aikaci. Idan ana sauke fayil, kwamfuta kan nuna gudu ne da MB/s, wato megabayit, kuma bayit ɗaya bit takwas ne. Layin 50 Mbps da ke aiki lafiya ƙalau zai nuna kimanin 6 MB/s a wajen sauke fim. Wanda ya ga shida alhali hamsin ya saya, sai ya rantse an cuce shi, kuma ba a cuce shi ba.

A ɗauki misalin wani gida irin na cikin birni, mai falo a gaba, tsakar gida, da ɗakuna uku a ciki. A ƙaddara maigidan yana biyan kuɗin layin fayiba na 50 Mbps, akwatin kuma yana falo, a bayan talabijin. Kukan iyalin shi ne daga bayan isha'i komai ke tsayawa. Babban ɗan gidan ya fara aunawa da wayarsa daga ɗakin ƙarshe da ƙarfe tara na dare, ya sami 3 Mbps. Ya taso ya tsaya kusa da akwatin, ya sami 11. A wannan mataki kowa zai ce laifin kamfani ne, tunda ga shi a gaban na'urar ma ko kashi ɗaya cikin huɗu bai samu ba.

Sai ya ɗauko waya ya jona kwamfuta, amma bai kashe waifai na akwatin ba. Ya sami 13. Har yanzu yatsa na nuna kamfani. Da ya shiga shafin saitin akwatin ya kashe waifai, kowa a gidan ya faɗo daga layi, ya sake aunawa sau uku: 47, 46, 47.

Wannan tsalle daga 13 zuwa 47 shi ne amsar. Kamfani na kawo abin da ya yi alkawari, domin 'yan megabit ɗin da suka rage suna tafiya ne a bayanan da ke rakiyar kowane ƙunshin saƙo, kuma duk layin da ya ba da kashi tara cikin goma na abin da aka saya ba a kuka da shi. Gwajin ya kuma bayyana cewa cuta biyu ce a gidan. Ta farko ita ce wasu na'urori na shanye layin, shi ya sa ko da waya 13 kawai aka samu lokacin da waifai ke kunne. Ta biyu ita ce sigina ba ta isa ɗakin ƙarshe da ƙarfi, shi ya sa aka sami 3 a can alhali 11 ne a falo.

Da aka duba jerin na'urorin da ke jone a shafin saitin, sai ga sunayen wayoyin da babu mai su a gidan. Kalmar sirri da aka bai wa baƙo ranar suna ta zaga layin unguwa. Ga talabijin na jan bidiyo mai nauyi, ga wayoyi biyu da ke tura hotuna da bidiyon biki zuwa ma'ajiyar intanet da zarar an sa su a caji. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane ba su cika zarginsa ba. A layuka da yawa, musamman na sim, hanyar turawa ta fi ta saukewa ƙunci. Idan waya ɗaya ta cika hanyar turawa, ƙananan saƙonnin tabbatarwa da kowace na'ura ke mayarwa yayin saukewa sai su shiga dogon layi, saukewar kowa ta yi sanyi, kiran bidiyo ya fara sarƙewa. Sauya kalmar sirri da tsayar da turawar zuwa tsakar dare ya magance cuta ta farko ba tare da an kashe ko sisi ba.

Cuta ta biyu ta gini ce. Waifai na gida galibi na tafiya ne a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi ratsa bango da nisa, amma a cunkushe yake, domin tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk rautocin maƙwabta a nan suke kokawa. Na biyu ya fi gudu da sarari, amma bangon bulo biyu ko uku sun isa su karya shi. Akwatin da aka cusa a bayan talabijin, a ƙasa, a kusurwar falo, an riga an danne shi tun kafin ya fara aiki. Ɗaga shi sama a fili yana taimakawa. Abin da ya fi tabbas shi ne a ja waya daga falo zuwa cikin gida a kafa rauta ta biyu, tunda wayar intanet na kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba.

Da a ce awon waya ya tsaya a kan 12 ko 13 bayan an kashe waifai, da labarin ya sha bamban. Amma ko a lokacin, awo na dare ɗaya bai isa hujja ba. Ana son a maimaita da sassafe bayan asuba, da rana, da kuma tsakanin takwas zuwa goma na dare, na kwana biyu ko uku. Idan da asuba ana samun 46, da dare kuma 8, layin da ya shigo gida lafiyarsa ƙalau, cunkoso ne a wajen kamfani: mutane sun yi wa hanyar unguwar yawa. Fayibar gida ma rabawa ake yi, zare ɗaya daga injin kamfani kan kasu zuwa gidaje 32 ko 64. Idan kuwa gudun a ƙasa yake dare da rana ba sauyi, sai a zargi layin da kansa, ko kuma tsarin biyan kuɗi. Yawancin tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan marasa iyaka suna da ƙa'idar rage gudu bayan an cinye wani adadi na data. Alamarta ita ce lamba ta tsaya cak a wuri ɗaya, kamar 1 ko 2 Mbps, kowane lokaci aka auna.

Gudu ba shi ne komai ba. Akwai gidan da awo ke nuna lamba mai kyau amma kira na yankewa, kuma a nan wani ƙaramin gwaji ke shigowa. A kwamfuta mai Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig, a duba lambar da ke gaban Default Gateway. Wannan shi ne adireshin akwatin gida, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei masu sim. Sai a aika saƙon gwaji hamsin zuwa akwatin, a aika hamsin zuwa wata na'ura da ke waje, misali ta Google:

```
ping -n 50 192.168.1.1
ping -n 50 8.8.8.8
```

Ta waya, amsar akwatin gida kan dawo cikin 1 ms ko ƙasa da haka, kuma bai kamata ko saƙo ɗaya ya ɓace ba. Idan na farko tsaf yake amma na biyu na zubar da saƙonni, ana ganin Request timed out jefi-jefi, ko lokacin amsa na tsalle daga 30 zuwa 600, matsalar ta wuce bangon gida. Idan kuwa tun a na farko ake samun ɓata, babu dalilin kiran kamfani tukuna: waya ce ta lalace, ko ramin da aka soka ta, ko akwatin ya yi zafi ya gaji. A watannin bazara, akwatin da aka rufe cikin kabad ko aka ɗora a kan inbata yana iya yin zafin da zai sa ya riƙa tsayawa.

Gwajin kansa yana da ramukan da ake faɗawa, kuma mafi shahara shi ne lambar 94. Duk wanda ya sayi layin 200 Mbps ya auna da waya ya ga 93 ko 94 ba ta motsi, kusan tabbas kayan awonsa ne suka gaza. Tsofaffin kwamfutoci da adafta masu araha iyakarsu 100 Mbps, wanda a aikace yake ba da kimanin 94. Haka ita ma wayar: silli takwas ne a cikinta, gudun gigabit na buƙatar dukansu, kuma idan ɗaya ya tsinke ko ba a matse kan da kyau ba, na'urorin kan koma 100 da kansu ba tare da sun sanar da kowa ba. A saitin kwamfuta ana iya ganin gudun haɗin, ko 100 ne ko 1000. Kafin a tuhumi kowa, a gwada wata wayar.

Rami na biyu shi ne a zare waya daga rauta a soka a kwamfuta, intanet ya ƙi zuwa sam. Wannan ba ya nufin layi ya mutu. Wasu kamfanonin fayiba na amfani da tsarin PPPoE, inda rauta ce ke riƙe da suna da kalmar sirrin shiga. Sai an karɓi waɗannan bayanai daga kamfani an shigar a kwamfuta, ko kuma a haƙura a yi gwajin a ramin LAN na rautar tare da kashe waifai. Wasu modem ɗin kuma sai an kashe su an kunna kafin su amince da sabuwar na'ura. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne ɗan ramin Reset, domin yana goge saitin da ma'aikaci ya yi, a wayi gari babu intanet ɗin gaba ɗaya. Kuma da an gama awo a mayar da rauta wurinta, tunda ita ce katangar da ke tsakanin kwamfuta da masu kutse.

Masu akwatin sim, na 4G ko 5G, su ne suka fi yawa a Arewa, kuma nasu gwajin yana da ƙarin mataki. A wurinsu iyakar da ke tsakanin kamfani da gida ba ta fita sarai ba, domin layin nasu iska ce tsakanin ƙarfen sabis da akwati, kuma inda aka ajiye akwatin yana cikin lissafi. A shafin saitin yawancin waɗannan na'urori akwai lambobi biyu masu amfani. RSRP na nuna ƙarfin sigina: kusa da -80 yana da kyau, idan ya gangara ƙasa da -100 ya yi rauni. SINR na nuna tsabtarta: sama da 13 abin so ne, kusa da sifili kuwa hayaniya ta rinjaye ta. Idan awon waya ya ba da gudu kaɗan kuma waɗannan lambobi ba su da kyau, a ɗauki akwatin a kai bakin taga ko saman bene a sake aunawa, domin rufin kwano da ƙarfen taga na cin sigina. Idan lambobin na da kyau amma gudu ya faɗi da dare, ƙarfen sabis ɗin unguwar ne ya cika, kuma babu eriyar da za a saya a kasuwa ta gyara wannan. A tuna kuma awon na cin data: a gudun 50 Mbps, daƙiƙa goma na saukewa kaɗai sun haura megabayit 60. Ƙananan na'urorin aljihu marasa ramin LAN, da yawansu ana iya jona su da kwamfuta ta wayar USB a yi gwajin.

A fayiba, alamar da ta yi daidai da wannan ita ce ƙarfin hasken da ke isowa akwati. Yawancin na'urorin gida suna aiki ne tsakanin -8 da -27 dBm. Idan lambar ta kusa ƙarshen nan, ko fitilar LOS na ƙiftawa da ja, zaren ya lanƙwashe, ko ya tsinke a hanya, ko bakinsa ya yi ƙura. Wannan aikin ma'aikatan kamfani ne, kuma kada a leƙa bakin zaren da ido, domin hasken da ke cikinsa ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido.

Wani lokaci ma laifin ya wuce gida, ya wuce unguwa, ya wuce ƙasar baki ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya, Gana, Kwaddibuwa da wasu ƙasashe, har harkar bankuna ta taɓu. A irin wannan rana babu abin da sauya rauta zai yi. Ana iya hango irin wannan matsala ta hanyar sauya inda ake aunawa: Speedtest na barin mutum ya zaɓi na'urar da zai gwada da ita. Idan ta Legas ko Abuja ta ba da gudu mai kyau, ta Landan kuma ta faɗi warwas, layin gida da na unguwa lafiya suke, hanyar fita waje ce ta ƙuntata.

Amfanin takardar da aka cika da lambobi yana fitowa ne ranar kai ƙara. Kwastoman da ya ce intanet ba ya sauri, amsar da zai samu ita ce ya kashe ya kunna. Wanda ya ce ya jona kwamfuta da waya a jikin modem, waifai a kashe, ya sami 46 da asuba da 8 da ƙarfe tara na dare kwana uku a jere, ga hotunan allo, ya riga ya rufe ƙofar da aka saba zillewa ta cikinta, wato ɗora laifi a kan waifai na gida. Ya nemi a ba shi lambar ƙorafi ya adana ta. A Najeriya, idan kamfani ya karɓi ƙorafi bai yi komai ba, mataki na gaba shi ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke da layin kyauta na 622, kuma za a tambayi waccan lambar ƙorafi da kamfani ya bayar. A Nijar, hukumar ARCEP ce ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa.